Yadda ake lissafa filin maganaɗisu kusa da guntuwar waya miƙaƙƙiya

Dokar Biot da Savart ta 1820 ba ta magana a kan waya sukutum. Ɗan guntu take ɗauka, mai tsawon dx, ɗauke da wutar I, ta ce ga gudunmawarsa ga filin maganaɗisu B a nisan r:

```
dB = (μ0/4π) · I dx sinθ / r²
```

θ ita ce kusurwar da ke tsakanin wayar da layin da ya tashi daga guntun zuwa wurin da kake awo, wato P. Ƙimar μ0/4π kuwa 10⁻⁷ T·m/A ce.

Fara da zane. Daga P ja layi ya sauka a kan wayar a tsaye cak, ka kira tsawonsa a. Duk guntayen wuri ɗaya suke tura filin, ko cikin takarda ko waje, saboda haka girmansu kawai za ka tara.

Wahalar ita ce x, wato nisan guntun daga inda layin tsayen ya sauka, da r da θ duk suna canzawa tare. Maganinta, ka mai da su kusurwa ɗaya, φ, da ake aunawa a P daga layin nan na tsaye. Sai x = a tanφ, dx = a sec²φ dφ, r = a secφ, sinθ = cosφ. Kana zuba su cikin dokar, sec²φ na sama da na ƙasa su kashe juna, ya rage (μ0 I/4πa) cosφ dφ. Tara daga wannan baki zuwa wancan, inda φ1 da φ2 su ne kusurwoyin bakunan wayar biyu:

```
B = (μ0 I / 4πa)(sinφ1 + sinφ2)
```

Mu gwada. Waya mai tsawon santimita 80 na ɗauke da amfiya 10, P na daidai tsakiyarta a nisan santimita 30. Daga P zuwa kowane baki santimita 50 ne, don haka kowane sin 0.8 ne. B = 10⁻⁷ × 10 × 1.6 / 0.3, kimanin 5.3 μT ke nan.

In wayar ta yi tsawo ƙwarai, kusurwoyin biyu su doshi digiri 90, jimlar sin ta zama 2, a samu B = μ0 I/2πa. Da ka yi amfani da wannan a misalinmu, 6.7 μT za ka samu, ka zarce da kashi 25 cikin ɗari. Amma matso da P zuwa santimita 4, sin ya kai 0.995, kuskuren ya koma rabin kashi ɗaya. Ashe "doguwa" ba a mita ake aunata ba, da nisan a ake gwada ta.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa: idan layin tsayen ya sauka wajen guntuwar wayar, bakunan biyu suna gefe ɗaya, sai a debe ƙaramin sin daga babba. Idan kuma P na kan layin wayar kanta, gaba da bakinta, sinθ sifiri ne, filin ma sifiri. Amsar duka ta wannan guntun ce kaɗai. Wayoyin da suka kai wutar suka dawo da ita suna da nasu kason, sai ka lissafa ka haɗa.