Tsarin wasiƙar ofis, daga adireshinka har zuwa sa hannu

Wanda ya sauka wata ƙasa ba ya daɗewa zai gane cewa maganar da aka yi ta waya ba ta barin sawu. Ka kira kamfanin da ke kula da gidan da kake haya, an ce maka za a turo mai gyara, mako ya wuce shiru, ka sake kira wani dabam ya ɗauka ya ce bai san zancen ba. Abin da ke shiga fayil shi ne abin da aka rubuta. Shi kuwa ma'aikacin da zai buɗe wasiƙarka bai san ka ba, kuma akwai wasu da yawa a gabansa. Yana neman amsa ne cikin sauri: wa ya rubuto, ina za a mayar masa da amsa, yaushe ya rubuta, a wane fayil maganar take, me yake so a yi. Kowane sashe na wasiƙar ɗaya daga cikin waɗannan yake amsawa, shi ya sa kowanne yake da mazauninsa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daga sama har ƙasa. Kana haya a Birtaniya, na'urar ɗumama gida ta tsaya cikin sanyin Janairu, ka kira kamfanin ranar 6 ga wata, yau 13 ga wata ba wanda ya zo. Za ka rubuta musu da Turanci a farar takarda girman A4.

Abu na farko shi ne adireshinka, can sama. Tsohon tsari yana ajiye shi a kusurwar dama, har yau kuma ba laifi ba ne. Amma wanda ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne a jera komai a gefen hagu, kowane layi ya faro daga wuri ɗaya, ba a shigar da farkon sakin layi ciki, sai dai a bar fili na layi guda tsakanin sashe da sashe. Wannan nake ba sabon zuwa shawara ya riƙe, domin ba ya buƙatar wata dabara a kwamfuta kuma ba ya wargajewa idan aka buga. Layin farko lambar ɗaki idan gidan bene ne mai ɗakuna da yawa, sai lambar gida da sunan titi, sai gari, sai lambar unguwa ta gidan waya, watau postcode, a nata layin da manyan baƙaƙe. Lambar ɗaki ce mutane suka fi mantawa, alhali rashinta ne ke sa amsa ta iso ƙofar ginin ta rasa akwatin da za ta shiga. Ƙarƙashin adireshin kana iya ƙara lambar waya da imel. A misalinmu wannan yana da amfani, tunda mai gyara zai so ya kira kafin ya zo.

Sai kwanan wata, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata. Kada ka rubuta shi da lambobi zalla. Idan ka rubuta 03/04/2025, Baturen Ingila zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma zai karanta 4 ga Maris, saboda a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana. Kusan wata guda ke nan tsakani, kuma idan wa'adi ake ƙirgawa, wannan tazarar ta isa ta ɓata magana. Maganin kawai a rubuta sunan watan da baƙaƙe:

```
13 January 2025
January 13, 2025
```

Na sama tsarin Birtaniya ne, na ƙasa na Amurka. Ranar da za ka aika wasiƙar ita za ka sa, ba ranar da ka fara rubuta ta ba, domin daga ita za a riƙa lissafi in an zo tambayar kwana nawa suka yi ba su amsa ba.

Bayan kwanan wata sai suna da adireshin wanda ake rubuta wa, a hagu. Wasu kan ce ai yana bayan ambulan, me ya sa za a maimaita. Ambulan yagawa ake yi a jefar tun a ɗakin karɓar wasiƙu, takardar ce kaɗai ke wucewa ciki. In ka san sunan jami'in, fara da shi, sai muƙaminsa, sai sunan kamfanin, sai adireshin. In ba ka sani ba, muƙami ko sunan sashe ya wadatar, kamar sashen gyare-gyare. Kwafo adireshin daga takardar yarjejeniyar haya ko daga wasiƙar da suka aiko maka ta ƙarshe, harafi da harafi, domin kamfani na iya samun ofis fiye da ɗaya.

Gaisuwar buɗewa da kalmar rufewa tare suke tafiya, don haka gara a koye su a haɗe. A tsarin Birtaniya, idan ba ka san sunan mutumin ba za ka buɗe da layin farko a nan ka rufe da na biyu:

```
Dear Sir or Madam,
Yours faithfully,
```

Idan kuwa ka san sunansa, ka buɗe da Dear, sai Mr ga namiji ko Ms ga mace, sai sunan danginsa kaɗai, sannan ka rufe da Yours sincerely. Sunan dangi fa, watau na ƙarshe. Haɗa Mr da sunan yanka kuskure ne da ake ganewa nan take. Ms ta fi aminci ga mace saboda ba ta nuna ko tana da aure ko ba ta da shi, kai kuma ba ka sani ba. In sunan bai nuna maka namiji ne ko mace ba, rubuta Dear da cikakken sunan, ka bar laƙabin. A Amurka abin ya fi sauƙi, Sincerely ake rufewa da ita ko an san suna ko ba a sani ba. Ba wanda zai ƙi gyara maka na'ura don ka cakuɗa waɗannan, amma a wasiƙar neman aiki ana lura.

Ƙarƙashin gaisuwar sai kan magana, layi ɗaya tak, da baƙaƙe masu kauri. A ganina wannan layin ya fi kowanne aiki a duk wasiƙar. Idan sun taɓa rubuto maka, duba saman takardarsu, za ka ga wata lamba kusa da kalmar Ref ko Our ref. Da ita suke nemo fayil ɗinka a kwamfuta. Kwafe ta daidai, har da baƙaƙen da ke cikinta. A misalinmu kan maganar zai ƙunshi abin da ya lalace, adireshin gidan, da lambar hayarka. Wasiƙar da ba ta da wannan lamba takan zauna a tebur har sai wani ya sami sararin bincike da suna, sunan kuma yana iya kasancewa an juya shi ko an rubuta shi ba daidai ba a wurinsu.

Cikin wasiƙar ba a buɗe shi da tambayar lafiya da fatan alheri. Wannan yana yi wa mutum nauyi da farko, ya ji kamar ya yi rashin ladabi, amma a irin wannan takarda kalmar Dear ta ɗauke gaisuwar gaba ɗaya. Jimlar farko ta faɗi dalilin rubutun: ina haya a gida kaza, ina sanar da ku cewa na'urar ɗumama gida ba ta aiki. Sakin layi na biyu ya kawo abin da ya faru da ranakunsa: ta tsaya ranar 5 ga Janairu, na kira ofishinku ranar 6 da safe, an ce za a turo mai gyara, har yau bai zo ba, kuma babu ruwan zafi a gidan. Ba sai ka faɗi yadda ranka ya ɓaci ba, ranakun da kansu suna magana. Na uku shi ne buƙata, kuma a nan wasiƙu da yawa ke yin rauni. Mutum ya zayyano matsala tsaf, sannan ya ƙare da roƙon a duba lamarin. A duba yaushe, a yi me? Rubuta cewa kana so a gyara kafin 20 ga Janairu, kuma a sanar da kai a rubuce ranar da mai gyara zai zo, ka ƙara da sa'o'in da ake samun ka a gida. Duk wannan ya tsaya a shafi ɗaya. In ya zarce, yawanci akwai magana ta biyu da ta kutso, ita kuma tata wasiƙar take buƙata.

Bayan kalmar rufewa ka bar fili na kamar layi huɗu, sannan ka buga cikakken sunanka. A cikin filin nan za ka sa hannu da biro baƙi ko shuɗi bayan ka buga takardar. Sa hannu a sama, suna a ƙasa, domin sa hannu ba ya karantuwa. Sunan kuwa ya zama daidai da wanda ke cikin fasfo da yarjejeniyar haya, da tsarinsa da baƙaƙensa. Wanda takardunsa suka ce Muhammad ya rubuta Mohammed, ko ya ƙara sunan da ake kiran sa da shi a gida, yana iya zama mutum biyu a idon kwamfuta.

Idan ka haɗa da wata takarda, kamar hoton na'urar ko kwafin rasit, rubuta Enc. a ƙarƙashin sunanka ka faɗi mene ne. Kwafi ake aikawa, na asali ya zauna a hannunka sai in an nemi shi da sunansa. Idan kuma ka aika wa wani kwafin wasiƙar, misali mai gidan, rubuta cc da sunansa.

Mazaunin waɗannan sassa yana ɗan sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa adireshin mai aikawa yana sama ta hagu, na mai karɓa ta dama. A Jamus kan magana yana zuwa ne kafin gaisuwa, kuma a adireshi sunan titi ke riga lambar gida. A Amurka ma takardar kanta ba A4 ba ce, ta ɗan fi faɗi kuma ta fi gajarta. Hanyar da ta fi sauri ta sanin tsarin inda kake ita ce ka ɗauko wasiƙar da banki ko hukuma ta aiko maka, ka shimfiɗa ta kusa da taka, ka bi yadda suka jera nasu.

Kafin ka ninke ta uku ka sa a ambulan, ɗauki hotonta da sa hannun a jiki. A Birtaniya, idan ka miƙa ta a kantar gidan waya, kana iya neman shaidar aikawa, kuma kyauta ake bayarwa. Ajiye ta tare da hoton. Idan 20 ga Janairu ta wuce ba a zo ba, wasiƙa ta biyu za ta fita da tsari iri ɗaya da lambar fayil iri ɗaya, jimlarta ta farko ta ambaci wasiƙar 13 ga Janairu, ka haɗa da kwafinta.