Yadda Ake Bambance Manjo da Ɗan'uwansa Maino a Rubutacciyar Waƙa

Manjo da maino jerin sautuka ne iri biyu da ake gina waƙa a kansu. Abin da ke rikita mai koyo shi ne kowane manjo yana da ɗan'uwa maino da suke tarayya a alamomin da ake sawa a farkon layi, saboda haka alamomin kaɗai ba su isa shaida ba. Bari mu ɗauki waƙar da ke da shaf guda, wato alamar ♯, a kan F.

Da farko ka fitar da 'yan'uwan biyu. Ka hau rabin taki daga F♯, wato zuwa sautin da ke bi masa kai tsaye a kan fiyano, za ka isa G, to shi ne manjon. Daga G ka sauko rabin taki sau 3 a kan fiyano, kana ƙirga farare da baƙaƙe, wato F♯, F, E. Waƙar ke nan ko dai G manjo ce ko E maino. Haka C manjo yake da A maino, F manjo kuma da D maino.

Sai ka duba sautin ƙarshe, domin waƙa mai sauƙi takan koma gida ta huta, wato G idan manjo ce, E idan maino ce. Sautin farko ba shi da wannan ƙarfin, tunda waƙoƙi da yawa kan fara daga B ko D kafin su nufi gida.

Shaidar da na fi amincewa da ita tana cikin jikin waƙar. A maino akan ɗaga sauti na 7 da rabin taki don ya jawo kunne zuwa gida, kuma da yake ba a rubuta wannan ɗagawar a farkon layi, dole ta bayyana a gaban sautin kansa. A E maino, idan ka ƙirga daga E zuwa sama, sauti na 7 shi ne D, don haka D♯ za ka nema. Duba wannan:

E G F♯ E | B A G F♯ | G F♯ E D♯ | E

Ta fara da E, ta ratsa G da B, sannan D♯ ya miƙa ta ga E a ƙarshe. Wannan E maino ce babu shakka. Da G manjo ce, da D ya zauna babu alama, F♯ kuma ya hau zuwa G aka rufe.

Sai dai a kula, rashin D♯ ba ya nufin manjo, domin akwai waƙoƙin maino da ba sa ɗaga na 7 ko kaɗan. Haka nan D♯ guda da ya gifta tsakanin D da E a tsakiyar waƙar manjo ado ne kawai. Idan shaidun suka saɓa, ka rera waƙar a hankali, ka tsaya a G ka ja shi, sannan ka sake rerawa ka tsaya a E. Wanda kunnenka ya ji magana ta ƙare a kansa shi ne gida. Masu karanta solfa su kira G da do, sai su ga manjo yana hutawa a do, maino kuwa a la.