Palu ta kada ka, shapitir bai ƙare ba: kurakuran da muke yi in za mu rubuta wa ankadarar

Lokacin da nake mastar 2 ni ma na tafka wannan kuskure, shi ya sa nake da bakin magana. Ankadarar ɗina, wato malamin da ke duba mini memuwar, ya ce in kawo masa shapitir na biyu ran Litinin, sai zazzaɓi ya kada ni tun ran Talatar da ta gabata, watan Satumba ne kuma kun san yadda sauro yake a Damagaram ƙarshen damina. Na yi shiru, ina cewa bari in warke in yi dare biyu in gama ba sai ya ma sani ba. Litinin ta wuce, wata Litinin ta zo, sannan na aika mel mai tsawon shafi guda ina ba da labarin amai da ciwon kai da serom ɗin da aka sa mini. Amsarsa layi ɗaya ce, Allah ya ƙara sauƙi, yaushe zan samu shapitir ɗin? Duk surutun da na zuba babu rana a ciki, kuma ranar ce kawai yake nema.

To shirun nan shi ne babban kuskure, ya fi duk sauran. Mu muna ganin kamar kunya ce ko ladabi, kar a dami malam da ƙorafi, amma shi malamin ba kai kaɗai yake riƙe da kai ba, yana da kur da zai bayar, yana da kwafin jarrabawa, yana da wasu ɗalibai da kowa ke jiran a karanta nasa, wataƙila ma ya ware ranar Talata da Laraba don naka ne. In ka faɗa masa tun ran Alhamis sai ya sa na wani a gurbin, ba abin da ya ɓace. In kuwa sai da ranar ta wuce ka buɗe baki, ko da gaskiya ce ciwon, kunnensa zai ji shi kamar uzurin da aka ƙirƙiro daga baya, don ya sha jin irinsa. Ranar da aka yi maka gwajin jini a likita aka ce palu ce, ran nan ko washegari za ka rubuta, ko kana kwance layi huɗu a waya ba zai gagare ka ba. In jikin ya yi tsanani har an kwantar da kai, ƙanenka ko abokin karatu ya rubuta da sunanka ya ce ga halin da ake ciki, kai kuma ka biyo da naka in ka farfaɗo. Amma kar ka bar shi a saƙon baki, wai na ce wa wane ya faɗa wa Malam in sun haɗu a fakulte. Wane zai manta, ko ya faɗa a tsaye bakin mota Malam ɗin ya manta.

Sai labarin ciwo. Mu Hausawa in aka ce ya jiki sai mu fara daga ranar da abin ya soma, wannan na ƴan dubiya ne a zaure. A mel jimla ɗaya ta isa, ba ni da lafiya tun ranar kaza, na je likita, ina shan magani. Ba dole ba ne ma ka faɗi sunan ciwon in abu ne da ba ka so a sani, musamman ƴan uwa mata, “matsalar lafiya” ta wadatar kuma malami mai hankali ba zai tono ba. Wata ƙanwata har hoton odonans da hoton hannunta da allurar serom ta so ta liƙa, na ce ke rufa wa kanki asiri, odonans ba shaida ba ce, jerin magani ne kawai. Abin da ake karɓa shi ne takardar likita mai sa hannu da tambari wadda ta faɗi kwana nawa aka ba ka hutu. Ita ma ba sai ka liƙa ba in jinkirin tsakaninka da ankadarar ne kawai, ka ce tana nan in ana buƙata. Amma ka karɓe ta tun kana asibitin, don komawa neman ta bayan sati uku wahala ce.

Gaisuwa ma haka. Ba na ce a cire ta ba, wa zai rubuta wa malaminsa ba sallama, amma layi ɗaya, ba ina gajiya ina iyali ina ruwa ya ɗawainiya da mu har sai ya ja allon waya sau biyu kafin ya ga abin da ya kawo ka. Haƙuri kuma sau ɗaya. In ka ba da haƙuri sau biyar sai ya zama shi ne zai koma lallashinka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato sabuwar rana. Kuskure iri biyu ne a nan kuma kishiyoyin juna ne. Na farko shi ne “in sha Allahu da na samu sauƙi zan turo” ko “nan ba da jimawa ba”. In sha Allahu ɗin ba laifi, sa shi, amma ka sa rana a gabansa, don ba wanda zai iya rubuta “ba da jimawa ba” a ajandarsa. Na biyun ya fi cin mutane, kunya ta sa ka ce nan da kwana uku, alhali ko tashi zuwa bayi sai ka dafa bango. Maganin palu da ake bayarwa yanzu na kwana 3 ne, sha shida, zazzaɓin yakan sauka da wuri, to sai mutum ya ɗauka ran na huɗu zai zauna gaban odinatar kamar da. Ina! Kasala da jiri suna bin mutum kwanaki bayan nan, ka karanta sakin layi ɗaya sau uku ba ka gane me ka rubuta ba. In taifot ce ma abin ya fi ja, maganinta kaɗai yakan kai sati ko fiye. Ranar farko da ka saɓa ciwo ne ya jawo, kowa zai yi maka uzuri, amma ta biyun kai ka zaɓe ta da bakinka, ita ce ke zubar da yarda.

Bari in yi lissafin da nawa shapitir ɗin, yadda ya kamata a ce na yi tun ran Alhamis 11 ga wata. Shapitir ɗin zai kai shafi 25, na rubuta 14, saura 11. Da lafiyata shafi biyu nake yi a rana, wannan na sani don na gwada, ba fata ba ne. Magani zai ƙare ran Juma'a 12, in ba kaina hutu zuwa Talata 16, in koma aiki Laraba 17. Kwana huɗun farko, Laraba zuwa Asabar, shafi ɗai-ɗai kawai zan ƙirga, 4 ke nan. Lahadi hutu. Litinin 22 zuwa Alhamis 25 bibbiyu, ya rufe sauran 7 ɗin har da rara. Juma'a in karanta daga farko in gyara, Asabar kuma in bar ta fanko saboda wuta, kowa ya san ana iya ɗauke ta rabin yini batirin odinatar ya mutu, ko konekson ya ƙi. To ranar gaskiya ita ce Litinin 29, sati biyu cif bayan ta farko. Da kunya ce ta zaɓa mini, 18 zan ce.

Ga yadda mel ɗin zai kasance. Na san yawancinmu da Faransanci za mu rubuta, amma ƙashin bayan ɗaya ne, ka juya shi kawai. Wurin Objet kar ka bar shi fanko kuma kar ka sa gaisuwa ko “urgent”, sa abin da zai gane ko bai buɗe ba:

```
Objet : Mémoire M2 - report du chapitre 2 au 29 septembre
```

Cikinsa kuma: “Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Mun yi da kai zan kawo shapitir na 2 ran Litinin 15 ga Satumba. Ba ni da lafiya tun ran Talata, na je likita ina kan magani, don haka ba zan iya cika wannan rana ba, a yi mini haƙuri. Na rubuta shafi 14 cikin kamar 25, ga su na liƙa, abin da ya rage shi ne sashe na uku da kammalawa. Ina roƙon a ɗaga mini zuwa Litinin 29 ga Satumba in sha Allahu. In wannan rana ba ta yi maka daidai ba, ko za ta taɓa ranar ajiye memuwar, don Allah a sanar da ni. Takardar likita tana hannuna in ana buƙata. Na gode.” Sai cikakken sunanka da filiyarka a ƙasa, don adireshin mel ɗin wasunmu laƙabi ne da lambobi, malam ba zai tsaya duba wane ne ba.

Ka lura roƙo ne, a ɗaga mini, ba sanarwa ba ce wai zan kawo ran 29 shi ke nan. Ka kuma lura da shafi 14 ɗin nan da aka liƙa. Da yawa ba sa so, wai bai gyaru ba Malam zai ga shirme. Ai ba don ya gyara ka tura ba, kana iya cewa ma ba sai ya karanta yanzu ba, amfaninsa ya ga cewa aiki na tafiya kafin ciwo ya zo. Sai dai fa kar ka ce saura kaɗan alhali shafi uku gare ka, don zai iya cewa turo abin da ke akwai in gani, nan asiri zai tonu. In uku ne ka ce uku, lissafin ranarka ya tashi daga uku. Kuma ka duba fayil ɗin ya hau da gaske kafin ka danna Envoyer, mel na biyu mai cewa na manta ban liƙa ba ya zama ruwan dare. Sunan fayil ma ya faɗi abin da ke ciki, kamar `chapitre2_brouillon_11sept.docx`, ba `Document1` ba.

Maganar ranar ajiye memuwar da na sa a ciki ba ado ba ce. Ranar shapitir yarjejeniya ce tsakaninku biyu, shi zai iya ɗaga ta da kalma ɗaya. Ranar ajiye memuwar da lokacin sutnans kuwa na depatma ne, ba a aljihunsa suke ba. In sati biyun nan zai tura ka ƙetare wannan rana to mel ga ankadarar kaɗai bai isa ba, nan ne takardar likita take aiki, kuma shi ne zai faɗa maka wa za ka gani da wace takarda za ka rubuta. Gara ka ji wannan ran 11 da ka ji shi ran 29.

Watsap fa? In dama ta nan kuke magana da shi ba laifi ka tura layi ɗaya, Malam na aika maka mel game da shapitir na 2, don wasu malaman sai su yi kwanaki ba su buɗe mel ba. Amma ba bokal na minti huɗu da muryar mara lafiya ba, kuma ba ƙarfe ɗayan dare ba. In kwana uku sun wuce shiru, kar ka buɗe sabon saƙo, danna Répondre a kan wancan ɗin dai ka ce kana tuni ne ko ranar 29 ta yi masa daidai, kuma ka ci gaba da rubutu kamar ya amince. In kuma ran 24 ka ga jikin ya sake juyawa ba za ka kai ba, ran 24 ɗin za ka rubuta, da adadin shafin da ka kai da sabon lissafi, ba daren 28 ba.