Babi na Shida: Baho Uku da Ruwan Kulorin

Wannan babi na masu sayar da abinci ne, da masu kunu da zoɓo, da duk mai wanke kwanukan da jama'a ke ci a ciki. Ku karanta a hankali. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna ya sa na kusa da shi ya karanta masa, babu kunya a ciki.

Darasi na 1: Me ake fara yi, me ke biye

Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Omo da soso suna fitar da maiƙo da ragowar abinci, wato dattin da ido ke gani. Kulorin kuwa yana kashe ƙwayoyin cutar da suka rage, waɗanda ido ba ya gani. Kulorin shi ne sinadarin da ke cikin bilic, ruwan nan mai wari da muke sa wa fararen kaya, wanda a kasuwar Sabon Gari za ku ji ana ce masa haifo ko jik.

Ku nemi baho uku, ku jera su daga hagu zuwa dama, ku ajiye kwando mai tsabta a ƙarshe. Da farko a kankare ragowar tuwo ko shinkafa a zubar, tun kwano bai taɓa ruwa ba. Sai baho na farko, ruwa mai ɗumi da omo, a cuɗa da soso har maiƙo ya fita. Sai baho na biyu, ruwa zalla, a ɗauraye. Sai baho na uku, ruwan kulorin. Daga nan a kife a kwando iska ta busar.

Ku faɗa da baki: kankara, wanki, ɗauraya, kulorin, shanya. Ku sake faɗa. Wace kalma ce a tsakiya? Ɗauraya. A nan mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ga dalili. Kulorin ba ya zaɓen abin da zai far wa. Duk abin da ya tarar a gabansa, maiƙo ne, ƙwayar shinkafa ce, guntun miya ne da ya maƙale a kumfa, a kansa yake ƙarar da ƙarfinsa. In kuka ɗauko faranti daga bahon omo kuka tsoma shi kai tsaye a bahon kulorin, kun kai masa datti ya cinye masa ƙarfi. Faranti goma, ashirin, talatin, sai ruwan ya zama ruwan banza, alhali ga ido yana nan yadda yake. Saboda haka baho na biyu ba ado ba ne. Kwano ba ya tashi daga baho na ɗaya zuwa na uku. Sai ya bi ta na biyu.

Yaya za a san ɗauraya ta yi? Ku shafa yatsa a cikin kwanon. In kun ji santsi, da sauran omo ko maiƙo, a mayar da shi baya. In kun ga kumfa tana yawo a baho na biyu, ruwan ya gaji, a zubar a sake. Na san ruwa kuɗi ne, na san abin da mai garuwa ke karɓa a kan jarka. Amma ruwan ɗauraya ya fi bilic araha, kuma shi ke tsare muku bilic ɗin.

Wata ta ce da ni, "Malama, ni a bahon omo nake zuba bilic ɗin gaba ɗaya, in huta." Haba 'yar'uwa. Wannan shi ne babban kuskuren, domin nan ne dattin ya fi yawa. Warin zai daki hanci ki ɗauka aiki ya yi, amma bilic ɗin ya ƙare a kan maiƙo. A wanke, a ɗauraye, sannan kulorin. Wanda ya manta yau, gobe zai tuna, ba komai. Amma dai a ɗauraye.

Darasi na 2: Nawa za a zuba

Ƙarfin ruwan kulorin da lamba ake faɗarsa, kuma bayan lambar ana rubuta haruffa uku, ppm. Ma'anarsu kashi nawa ne cikin miliyan. Ba sai kun riƙe ma'anar ba, ku dai gane haruffan in kun gan su. Ga kwanuka da cokula da wuƙa da katakon yanka, ana son ruwan ya tsaya tsakanin 50 da 100. Ƙasa da 50 ya yi rauni. Sama da 200 ya yi yawa ga abin da abinci zai taɓa: zai bar wari da ɗanɗano, ya ci hannu, ya ci ƙarfe. Mu 100 za mu nufa, don ko ya ragu da aiki, ya jima bai sauka ƙasa da 50 ba.

Ku ɗauki robar bilic ɗinku ku duba jikinta. Ku nemi lamba mai wannan alamar a gefenta: %. Da yawa za ku ga 3.5%. In haka ne, ga awonku: ruwa lita 10, bilic mililita 30, wato cokali biyu babba na awo, mai cin mililita 15. Ruwa lita 5, cokali ɗaya. In kuwa an rubuta 5%, ya fi ƙarfi, sai a sa mililita 20 a lita 10.

Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Abin da na fi so shi ne sabon sirinji marar allura daga kemis, mai cin mililita 10. A zuƙo sau uku, an sami 30. A ajiye shi don wannan aikin kaɗai, nesa da yara. Ruwan ma a auna shi. Ledar fiya wata rabin lita ce, ashirin ɗinta ke nan lita 10. Ku auna sau ɗaya ku ja layi a jikin bahon, kullum sai ku cika zuwa layin.

Kada a zuba da ido. Na gaji da jin "ai na saba". Hannun da ya saba da gishiri bai saba da wannan ba.

A fara zuba ruwa, sannan bilic. Ruwan ya zama mai sanyi ko ɗan ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi yana korar kulorin ya bi iska. Ya kuma zama garau. Ruwan rijiyar da ya yi ja da damina yana cinye kulorin kamar yadda datti ke yi, sai an bar shi ya kwanta an tace. Bilic mai ƙamshin turare na wankin tufafi ne, ba na kwano ba.

Wannan kuma ku ji da kyau. Ba a haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko ruwan kal, ko lemon tsami, ko wani maganin goge-goge. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe mutum, musamman a ƙuntataccen ɗaki. Bilic da ruwa kawai.

Darasi na 3: Takardar gwaji

Hanci ba ya auna kulorin. Abin da ke aunawa wata 'yar siririyar takarda ce fara da ake sayarwa a ƙaramar kwalba, a wajen masu kayan gwaje-gwaje na asibiti da makarantu. A jikin kwalbar akwai launuka a jere, daga mai haske zuwa mai duhu, galibi da lambobi 10, 50, 100, 200. In kun je saye ku duba lambobin. Akwai irin ta gwajin ruwan sha da ruwan iyo, wadda lambobinta ƙanana ne, ba su wuce 5 ko 10 ba. Wannan ba za ta yi muku aiki ba.

Da busasshen hannu a ciro ɗaya, a rufe kwalbar nan take, don laima na lalata sauran. A tsoma a baho na uku a fitar, ba a jiƙa ta. A kara ta a jikin launukan a wuri mai haske, nan da nan, kafin launin ya canja. Launin da ya yi daidai da nata, lambarsa ita ce ƙarfin ruwanku. Takarda ɗaya, gwaji ɗaya.

Wata ɗalibata mai shinkafa da wake a Tudun Wada ta haɗa nata da ƙarfe bakwai na safe, lita 10 da sirinji uku, takarda ta nuna 100. Da azahar ta sake gwadawa, takardar da ƙyar ta canja launi, wajen 10. Ta zo aji ranta a ɓace, wai an sayar mata da jabu. Na ce ta nuna mini yadda yarinyarta ke wankin. Ashe da cunkoso ya taso, sai yarinyar ta ture baho na biyu gefe, tana tsame faranti da kumfarsa da jan mansa zuwa na uku. Kun ji ko? Ɗauraya dai. Washegari aka mayar da bahon wurinsa, da azahar takarda ta nuna 50 da ɗan ɗori.

Don haka a gwada lokacin haɗawa, a sake gwadawa bayan kamar awa biyu ana aiki. In ya sauka ƙasa da 50, ko ruwan ya gurɓace, a zubar a haɗa sabo. Kada a ƙara bilic a kan ruwa mai datti. In sabon haɗi ne kuma ya nuna ƙasa da yadda ake so, to bilic ɗin ne ya tsufa ko ya sha rana, sai a ƙara kaɗan a sake gwadawa. In kuma aka kwarara bilic fiye da kima, wata takardar kan yi duhu ta koma fara fat, mutum ya ɗauka babu komai a ruwan. Shi ya sa na ce a auna.

Darasi na 4: Minti ɗaya

Kulorin yana bukatar lokaci. A nutsar da kwano gaba ɗaya, ruwan ya rufe shi, a bar shi minti ɗaya cur. In jikin robar ya faɗi fiye da haka, a bi nasa. Ku duba agogon waya, ko ku ƙirga ɗaya zuwa sittin a nutse. Tsoma-ka-fitar ba ya cikin lissafi. Gefen kofin da ya leƙo waje bai samu ba, sai a juya shi.

Kada kuma a wuce gona da iri a bar kaya su kwana a ciki. Tukunyar dalma takan yi baƙi, wuƙa ta yi tsatsa. Tebur da katako babba da ba sa shiga baho, a wanke, a ɗauraye, a jiƙa su da ruwan su zauna a jiƙe minti ɗaya.

Darasi na 5: Shanya

A kife a kwando su tsane. In ƙarfin bai wuce 200 ba, ba sai an sake ɗauraya ba. Ba a gogewa da tsumma. Da hunturu, in sun bushe a rufe su saboda ƙura.

Aikin gida

1. Rubuta matakai biyar a jere, ka ja layi a ƙarƙashin na uku.
2. Bilic ɗinka 3.5% ne, ruwanka lita 20. Mililita nawa za ka sa?
3. Takarda ta nuna 10. Me za ka yi?

Kowa ya zo da robar bilic ɗinsa ranar Asabar, za mu karanta jikinta tare.