Yadda ake gane ko ƙa'idar kamfani ce ta rage gudun intanet ɗin gidanka

An sayar maka da tsarin intanet na gida da aka rubuta masa Unlimited, mako biyu na farko komai na tafiya lafiya lau, sai a wayi gari bidiyo yana ta juyawa, hoto a WhatsApp ya ƙi buɗewa. Data ba ta ƙare ba, sabis kuma yana nan. Yawanci abin da ya faru shi ne kun kai iyakar da kamfanin ya sa, wadda ake rubutawa Fair Usage Policy ko FUP a ƙasan talla. Amma ba kullum ita ce ke da laifin ba, don haka kafin ka ƙara kashe kuɗi, ga yadda za ka tabbatar.

Da farko, nemo lambobi uku

Buɗe manhajar kamfanin ko shafinsa, ka duba sharuɗɗan tsarin da ka saya. Kana neman yawan gigabait ɗin da aka ba ka da cikakken gudu, da gudun da za a mayar da kai bayan sun ƙare, da ranar da lissafin ke komawa farko. Ta ukun ce ke ruɗa mutane. Wasu kamfanoni a wata suke ƙirgawa, kuma watan yana farawa ne daga ranar da ka biya, ba ɗaya ga wata ba. Wasu kuma kullum suke ƙirgawa, sai ka ga gudun ya faɗi da yamma, washegari ya dawo. Ka kuma tuna yawancinsu suna haɗa abin da ka sauke da abin da ka tura a lissafi guda.

Bari mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce gida ne mai talabijin ɗaya da wayoyi huɗu, rautarsu mai ɗaukar layin waya ce, tsarinsu kuma 100GB ne a wata da cikakken gudu, bayan haka a mayar da su 512kbps. Lambobin nan na misali ne, ka sa naka a madadinsu.

Abin da ke faruwa a ɓangaren kamfani

Ragewar ba a cikin rautarka ake yin ta ba. Duk abin da ya shiga ko ya fita daga gidanka yana bi ta wata babbar na'ura a cibiyar kamfanin, ita ce ƙofar da ke tsakaninka da sauran duniya. Wannan ƙofar tana ƙirga abin da layinka ya ci, tana sanar da tsarin lissafin kuɗi lokaci zuwa lokaci. Da zarar lissafin ya kai 100GB, sai a aiko mata da sabon umarni cewa kada layin nan ya wuce 512kbps. Babu ma'aikacin da ke zaune yana danna maɓalli, kuma siginal ɗinka bai canza ba. Shi ya sa fitilun rauta suke cike alhali aiki ba ya tafiya.

Yadda ƙofar ke aiwatar da umarnin ya yi kama da ƙaramin tanki da ake cika shi da siririn famfo. Idan an ɗan jima ba a ɗiba ba, tankin ya cika, sai ruwan farko ya zubo da ƙarfi, daga nan kuma sai abin da famfon ke kawowa. Haka bayananka suke. Wanda ya zo fiye da abin da aka yarda, ko dai a jera shi a layi ya jira, ko a zubar da shi. Idan an zubar, na'urar da ke turo maka bayanan ta gane hanya ta matse, sai ta sassauta da kanta. YouTube ma haka yake yi, ya sauko da kai daga hoto mai kyau zuwa mai dishi-dishi ba tare da ka taɓa komai ba.

To me ya sa suke yin haka? Ƙarfen sabis da ke unguwarku yana da iyakar abin da zai iya aikawa a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa daga nan yake ɗiba. Gidaje kaɗan da ke kallon bidiyo dare da rana za su iya cinye kaso mai yawa, sauran su sha wahala. Wannan hujja ce ta gaskiya. Sai dai a ganina ba ita kaɗai ba ce, domin wanda aka rage wa gudu yana nan a rage ko da ƙarfe uku na dare, lokacin da kowa ke barci. Iyakar hanya ce kuma ta raba farashi, don mai son ƙari ya sayi tsari mai tsada.

Gwada gudun yadda zai gaya maka gaskiya

Ka cire kowa daga waifai, har talabijin. In kana da kwamfuta da igiyar intanet, jona ta kai tsaye da rauta. In babu, tsaya da wayarka kusa da rautar. Buɗe fast.com ko Speedtest ka gwada sau uku a lokuta daban: da asuba, da rana, da kuma tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare. Rubuta abin da ka samu. Kada ka mayar da gwajin abin yi kowane lokaci, shi ma data yake ci.

A nan ake gane bambanci. Idan da asuba ka ga 0.5Mbps, da rana 0.5, da dare ma 0.5, to hannun kamfani ne. Cunkoso ba ya tsayawa a lamba ɗaya haka, kuma lambar ta yi daidai da wadda ke cikin sharuɗɗa, tunda 0.5Mbps kusan 512kbps ce. Sau da yawa za ka ga allurar ta yi sama a daƙiƙun farko, sannan ta faɗo ta tsaya cak, wato tankin nan ne ya ƙare. Idan kuwa da asuba ka samu 20Mbps, da dare ya koma 2, cunkoson unguwa ne, kuma ƙara data ba zai magance shi ba.

Akwai wani salo na uku da ke ɓoyewa a bayan cunkoso. Wasu kamfanoni ba sa sa maka iyakar gudu, sai dai su mayar da kai bayan layi: idan hanya ta cika, a fara sallamar waɗanda ba su kai iyakarsu ba. Alamarsa ita ce da asuba kana gudu sosai, da dare kuma maƙwabcinka mai kamfani ɗaya da kai ya fi ka nesa ba kusa ba.

Idan lambobin suna hawa da sauka babu tsari, duba siginal. Rubuta adireshin rauta a burauza, yana jikin takardar da ke manne a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Nemo inda aka rubuta RSRP, wato ma'aunin ƙarfin siginal. Lambar tana da alamar ragi, kuma -80 ta fi -110 kyau. In ta kai wajen -110, kai rautar bakin taga ka sake gwaji.

Me 512kbps za ta iya ɗauka

Kamfanoni da bit suke auna gudu, wayarka kuma da bait take nuna girman fayil, bit 8 ne bait 1. Saboda haka 512kbps na nufin 64KB a daƙiƙa, wato kusan 230MB a awa. Fayil mai 1GB zai ci sama da awa huɗu. Rubutaccen saƙo da saƙon murya za su wuce, kiran murya ma haka. YouTube kuwa yana ba da shawarar 0.7Mbps ga 360p, ka ga ko wannan bai samu ba. Kuma wannan ɗan gudun na gidan ne gaba ɗaya, ba na kowace waya ba.

Nan ne layin jiran da na ambata ke cutarwa. Waya ɗaya ta fara sabunta manhajoji, layin ya cika, sai muryar mai kira ta tsaya a bayan fayil ɗin wani. Za ka iya gani da idonka a kwamfuta mai Windows. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
ping -t 8.8.8.8
```

Bar shi yana tafiya, sannan ka kunna bidiyo a wata waya. Za ka ga lambar da ke gaban time=, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ta yi tsalle. Idan za a yi kira mai muhimmanci a irin wannan hali, a tsayar da sauran na'urori tukuna.

Nemo inda datar ta tafi

Koma kan gidan misalinmu. Bidiyo mai 1080p yana buƙatar kusan 5Mbps, wato 2.25GB a awa. Talabijin na awa uku a rana ya ci 6.75GB. A ce wayoyi huɗu suna cin rabin gigabait kowacce, 2GB ke nan. Jimilla 8.75GB a rana, kuma 100GB za ta ƙare a rana ta 12. Ba wanda ya saci komai.

Yanzu a saukar da talabijin zuwa 480p, mai buƙatar kusan 1.1Mbps, wato rabin gigabait a awa. Awa uku ta zama 1.5GB, jimillar rana 3.5GB, datar ta kai rana ta 29. Canji ɗaya ya sayo musu fiye da mako biyu. A babban allo hoton zai ɗan rage kyau, wannan kam gaskiya ne, sai a bar 1080p don kallon ƙwallo.

Sauran masu cin data a ɓoye su ne na'urorin da ke ɗaukar waifai a matsayin kyauta. Da sun hau, sai su fara tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiya, su sauke sabuntawa. A Windows, shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ka buɗe sunan waifai ɗinku ka kunna Metered connection. Yawancin wayoyin Android ma suna da zaɓi irin wannan a saitin waifai. Sannan ka duba jerin na'urorin da ke kan rauta. In ka ga wadda ba ka sani ba, lambar sirrin ta zaga unguwa, canza ta.

In an riga an rage

Kashe rauta da kunna ta ba ya goge lissafin, tunda ba a gidanka yake ba. VPN ma ba ya taimakawa, domin yana ɓoye abin da kake yi ne kawai, ƙofar kuwa yawa take ƙirgawa. Abin da ya rage shi ne ka jira ranar sabon lissafi, ko ka sayi ƙarin data, ko ka sabunta tsarin da wuri in kamfanin ya yarda. Bayan ka biya, a nan ne kashewa da kunnawa ke da amfani, saboda wani lokaci sabon umarnin ba ya hawa sai rautar ta sake haɗuwa da sabis.

Idan manhajar kamfanin ta nuna ba ka kai iyaka ba, amma gwajinka ya tsaya cak a gudun ragewa, ɗauki hoton allo na duka biyun da lokacinsu, ka kai ƙorafi, ka kuma karɓi lambar ƙorafin. A Najeriya, in ba su gyara ba, sai ka kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a layinta na kyauta 622, ka ba su wannan lambar.