Yadda za ka ga abin da ke faruwa in ka danna Aika a fom

Da farko buɗe Chrome a ordinatar, danna F12 ka shiga Network, sannan ka sa alama a Preserve log, in ba haka ba da shafin ya sauya jerin zai goge.

Yanzu cika fom ɗin, a ce na rajista ne mai suna da gari, ka rubuta Tahoua ka danna Aika. Layi zai fito, danna shi ka duba Request Method. In GET ne bayananka suna cikin adireshi kamar ?gari=Tahoua, duk wanda ya zo bayanka a sibar zai gani a tarihin burauza, shi ya sa ni dai bana yarda a tura kalmar sirri haka. In POST ne suna cikin Payload, kuma Content-Type zai nuna application/x-www-form-urlencoded, in akwai hoto kuwa dole sai multipart/form-data, in ba haka ba sunan fayil kawai zai tafi.

Sai ka duba Status Code. In ka ga 302 ko 303 duba Location, can saba, wato ordinatar da ke karɓar fom ɗin, ta tura ka, burauza ta bi da GET, to ko ka danna F5 rajistar ba za ta shiga sau biyu ba. 404 adireshin action ne babu, wato inda fom ɗin ke aika bayanai, 500 kuwa matsalar daga saba take.