Neman Hutu Kana Cikin Watannin Gwaji

Jama'a, wata shawara ga sababbin ma'aikata. A dokar ƙwadago ta Najeriya, sai ka cika wata 12 kana aiki kafin hutun shekara ya zama haƙƙinka, don haka a watannin gwaji alfarma kake nema.

Da bikin ƙanwata ya taso ina wata na biyu, saura mako uku na sami shugabana. Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhamis da Juma'a nake roƙo, a cire kuɗinsu daga albashina." Na faɗi wanda zai riƙe min aiki, har na kawo shi ya amsa da bakinsa.

Da shugabana ya amince, na tura masa saƙo a rubuce ya tabbatar. Kada ka tsallake wannan, domin izinin baka ana mantawa da shi, ranar tantancewa a lissafa maka kwanakin cikin fashin aiki.